Amanar Mai Fassara Daban, Amanar Wayarsa Daban

Malam, na karanta rubutunka inda ka soki masu rufe suna da lamba da adireshi a hoton saƙo kafin su tura a fassara musu. Hujjarka uku ce, in na fahimce ka daidai. Ka ce wanda ka roƙa ya taimake ka bai cancanci ka nuna masa rashin yarda ba, domin yawanci malamin makarantar garinku ne ko ɗan wanka da ke karatu a Dutsinma. Ka ce hoton da aka yi wa baƙi-baƙi ba ya fassaruwa yadda ya kamata. Sannan ka ce wannan ɗabi'a ta Turawa ce da aka kwaso mana, mu kuwa mutane ne da ke zaune kan amana. Ta biyun tana da gaskiya a cikinta, kuma zan dawo kanta a tsanake. Ta ɗaya da ta uku kuwa ban yarda da su ba, kuma ina tsoron abin da za su jawo wa wanda ya bi maganarka a Batsari ko Safana.

Ni ina cikin waɗanda ake turo wa. Mutanen garinmu da na ƙauyukan kewaye kan aiko mini da hoton saƙon banki, da takardar asibiti, da wasiƙar wurin aikin ɗansu a Legas, wani lokaci da takardar Faransanci daga Maraɗi. Kwanakin baya na zauna ina rage kaya a wayata saboda ta cika, sai na yi ta cin karo da hotunan da na manta da su. Ga sunan wani dattijo da ragowar kuɗin da ke asusunsa. Ga sunan wata mata da cutar da likita ya rubuta mata. Ban taɓa nuna wa kowa su ba, kuma ban taɓa yin niyya ba. Amma a tsawon wannan lokaci wayar nan ta kwana a shagon caji ba sau ɗaya ba, ta yi kwana biyu wurin mai gyara da gilashinta ya fashe, yara sun karɓe ta sun yi wasa, kuma an haɗa ta da wata wayar ta Xender don ɗaukar karatu. Ranar na gane cewa amanar da mutanen nan suka ba ni ba a ƙirjina take ajiye ba, a aljihuna take.

Wannan shi ne abin da rubutunka ya tsallake. A da, in tsohuwa ta samu wasiƙa, takan kira ɗan makaranta ya karanta mata a zaure, ya naɗe ya miƙa mata, ta sa a ƙarƙashin tabarma. Abin da ya rage wurin yaron shi ne abin da ya iya riƙewa a ka. Hoton waya ba haka yake ba. Da ka tura shi ya zama biyu, naka da nasa, kuma nasan ba ya dawowa. Ko ka danna Delete for everyone, ba ka isa ga kwafin da aka riga aka adana a wani wuri ko aka tura gaba ba. Kuma akan tura gaba da kyakkyawar niyya. Ni kaina in Faransancin ya fi ƙarfina nakan aika wa wani abokina, shi ma wataƙila ya tambayi wani. Mai takardar ya yarda da mutum ɗaya, takardarsa ta shiga waya uku.

A wani wurin, ƙarshen wannan shi ne jin kunya ko damfara. A nan bakin Dajin Rugu ya wuce haka. Ka tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa da Ƙanƙara. Dalilin da gwamnati ta bayar shi ne a yanke hanyar da ke tsakanin ɓarayin daji da masu kai musu labari. Ko mutum ya yarda da matakin ko bai yarda ba, ya nuna abu ɗaya da kowa a yankin ya riga ya sani: ba a faɗa wa gida da ka, sai an ji cewa akwai abin ɗauka. Wane ya sayar da shanu, wance ɗanta ya aiko da kuɗi daga Saudiyya, wane an biya shi kuɗin sallama. Infoma yakan sha wahala kafin ya haɗa suna da adadi da gari a wuri ɗaya. Hoton saƙon banki da ba a rufe ba ya haɗa masa suna da adadi a 'yan layuka, da kwanan wata.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ya fi ba ni tsoro. A wurin da zargin zama infoma kan iya cin ran mutum kafin a yi bincike, lambar waya da ta bayyana a hoton da bai dace ba masifa ce. Wanda aka sace masa ɗan'uwa dole ya yi waya da mutanen daji kan kuɗin fansa. In ya ɗauki hoton wani saƙo daban, jerin kiransa ko sanarwar da ta faɗo daga sama ta shiga ciki, hoton ya yi yawo, wa zai tsaya ya yi wa kowa bayanin dalili?

Ka ce rufewa rashin yarda ne. To, Malam, sunan wa ke cikin hoton? Da wuya ya zama na mai turawa shi kaɗai. Akwai wanda ya aiko da kuɗin, akwai lambar wanda ya rubuto saƙon, in a zauren WhatsApp ne akwai lambobin mutum goma da ba su san ana yi ba. Kana da iko ka yarda da ni kan sirrinka. Ba ka da iko ka yarda da ni kan sirrin surukinka ba tare da ka tambaye shi ba. Batun cewa ɗabi'ar Turawa ce kuwa, ban san inda ka samo shi ba. Wane da wance kalmominmu ne, kuma don wannan aikin aka yi su. Mai tambayar malami kan matsalar aure a rediyo cewa yake wani mutum ne ya yi kaza, malam ya ba da amsa cikakkiya bai nemi suna ba. Ɗaliban zaure sun yi shekaru aru-aru suna warware nahawu da Zaidu da Amru. Uwa ma ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kuma ba wanda ya taɓa kasa gane maganarta. Mun daɗe da sanin yadda ake fitar da magana a bar suna a gida.

Yanzu ga hujjarka ta biyu, wadda na ce tana da gaskiya. Na sha karɓar hoton da aka shafe har ya zama ba shi da amfani. Turanci ba ya bambanta kai da ke, kuma kalma ɗaya yake ba kawu da baffa. In an rufe sunaye duka, ban san ko in ce ka zo ko ki zo ba, ban san ko mutumin da aka ambata a layi na biyu shi ne na layi na shida ba. Wani ya taɓa rufe mini duk lambobin da ke takardar asibiti, har da adadin ƙwayar da za a sha a rana, alhali ita ce kaɗai abin da yake son sani. Amma maganin wannan shi ne a koyi abin da ake rufewa da abin da ake bari, ba a daina rufewa ba. Bari in bi da kai ta misali guda, irin wanda ya fi zuwar mini.

Wata inna a wani ƙauye na Safana, ɗanta yana aiki a Legas. Saƙo ya shigo wayar jikanta daga banki, ga kuma wani dogon saƙon Turanci ta WhatsApp daga wurin aikin ɗan. Hankalinta ya tashi, ba ta san ko kuɗi ne suka shigo ko cira aka yi ba, ba ta san ko lafiya ba. Saƙon banki yakan zo da siffa irin wannan, ko da yake kowane banki da ɗan bambancinsa:

```
Acct: 01******89
Amt: NGN... CR
Desc: ...
Avail Bal: NGN...
```

Bankin ya riga ya ɓoye tsakiyar lambar asusun da taurari, shi ya sa mutane ke ɗauka an gama. Amma abubuwa biyu mafi haɗari a buɗe suke. Layin Desc yakan ɗauko cikakken sunan wanda ya turo, layin Avail Bal kuma shi ne duk abin da ta mallaka a asusun. Ni mai fassara ba na bukatar ko ɗaya. Haruffa biyu kawai nake nema: CR na nufin kuɗi sun shigo, DR na nufin sun fita. Adadin ma jikan zai iya karanta mata, tunda lamba ba ta da yare tsakanin Hausar boko da Turanci. Saboda haka ya rufe suna, ya rufe ragowar kuɗi, ya rufe adadin, ya bar kalmomin da ke farkon kowane layi da CR ɗin. Ba abin da fassarar ta rasa.

Dogon saƙon shi ya fi bukatar hankali. Da farko a yanke hoton da Crop, a fille kansa inda suna da lamba da hoton fuskar mai saƙon suke, a yanke duk hirar da ta gabata da wadda ta biyo baya. Yankewa ta fi shafewa, domin abin da ba ya cikin hoton ba mai tono shi. Sannan a shiga cikin rubutun. Inda sunan ɗan ya fito a rufe, a rubuta A a kai da alƙalamin wayar. Inda sunan shugabansa ya fito a rufe, a sa B. Duk inda sunan ya sake fitowa a maimaita harafinsa. Sai jikan ya aiko mini da murya ya ce A namiji ne, ɗan mai tambaya ne, B kuma mace ce, ita ta rubuto, kuma kakarsa ake yi wa magana. Da wannan kaɗai na samu duk abin da ka ce rufewa na hana ni: na san wa ya yi wa wa, na san ka da ki. Ranar da aka ce a zo da adadin kwanakin da aka ba shi hutu kuwa a bar su, domin su ne saƙon.

A nan mai hankali zai tare ni da tambaya, kuma ita ce mafi ƙarfi, ko da yake ba ka yi ta ba: wanda bai iya yaren ba, ta yaya zai san inda suna yake? Ba zai sani duka ba, amma zai san mafi yawa, domin waɗannan abubuwa suna da kamanni. Jerin lamba 11 a Nijeriya ko dai lambar waya ce, ko NIN, ko BVN. Jerin 10 lambar asusu ce. Lambar Nijar 8 ce, bayan +227. Lamba shida ko huɗu da ta zo ita kaɗai daga banki mabuɗi ce ta wucin gadi, wannan ba a tura ta ga kowa ko da wane dalili. Duk abin da ke da alamar @ adireshin wani ne. Ɗan murabba'in nan mai ɗigo-ɗigo da ke kan takardun hukuma da rasit shi ma rubutu ne da waya ke karantawa, kuma mutane kan rufe komai su bar shi. A Turanci da Faransanci suna yana farawa da babban baƙi ko a tsakiyar jimla yake, kuma Musa ko Hadiza ko Runka ko Wagini ba sa canza kama don an sa su cikin wani yare. A takardar Larabci, duk wanda ya buɗe Alƙur'ani ya san lambobin da ke shafukansa, su ne dai. Sai a kula da rasit, domin akan rubuta adadin sau biyu, da lamba da kalmomi. In an yi shakka, a rufe. Abin da na rasa zan tambaya, a faɗa mini da baki, kuma abin da aka faɗa a kira ba ya kwana a cikin hotunan wayata.

Akwai dalilin da ya sa nake matsa wa kan lambar waya. A OPay da PalmPay lambar asusun mutum yawanci ita ce lambar wayarsa in an cire sifirin farko. Duk wanda ya buga ta a manhajar banki ko na'urar POS kamar zai tura kuɗi, cikakken sunan mai ita zai fito kafin ya biya ko sisi. Ka rufe suna ka bar lamba, ba ka rufe komai ba. Haka ma masu rufe tsakiya su bar huɗun ƙarshe, suna kwaikwayon banki. A Legas wannan na iya wadatarwa. A garin da kowa ke da lambar kowa, mutum ya buga lambobi huɗun nan a wayarsa, sunanka zai fito.

Yadda ake rufewar ma akwai kuskure a cikinsa. Alƙalamin da ke cikin kayan gyaran hoto iri-iri ne, kuma akwai wanda aka yi don haskaka rubutu, ba don ɓoye shi ba. Ko da baƙi ka zaɓa, rubutun na nan a ƙasa kamar fuska a bayan siririn mayafi, wanda ya ƙara wa hoton haske zai karanta. Dusashewa da farfasa rubutu zuwa ƙananan murabba'ai su ma ba abin dogaro ba ne. A 2022 wani mai binciken tsaro, Dan Petro, ya fitar da manhaja mai suna Unredacter da ke gwada haruffa ɗaya bayan ɗaya, tana farfasa su, tana kwatantawa da hoton har ta dace. A watan Maris na 2023 kuma aka gano cewa manhajar Markup ta wayoyin Pixel na Google da Snipping Tool na Windows 11 suna barin ragowar ainihin hoton a cikin fayil bayan an yanke shi, har ana iya dawo da wani ɓangare. An gyara wannan daga baya. Ba ina cewa ɓarawon daji zai zauna da kwamfuta yana wannan aikin ba. Amma ƙara haske ba ya bukatar kwamfuta, kuma wanda ya riga ya san sunanka zai gane shi daga kan baƙaƙen da suka leƙo ta saman layin da ka ja.

Abin da nake koya wa yaran da ke turo mini gajere ne. Ka ɗauki alƙalami mai kauri wanda launinsa ba ya nuna abin da ke ƙasa, ka rufe har ka ɗan zarce kalmar ta kowane gefe don tsawon layin kada ya nuna tsawon sunan. Ka buɗe hoton, ka ƙure hasken wayar, ka faɗaɗa shi da yatsu biyu, ka duba kamar kai ne mai neman. Sannan ka sake ɗaukar hoton fuskar wayar a kan wanda ka gyara, ka tura wannan sabon, domin shi bai taɓa ɗauke da abin da ke ƙasa ba. In takarda ce ta hannu, ya fi sauƙi: ka yago 'yar takarda ka ɗora a kan sunan kafin ka ɗauka. Kuma ka tura shi a matsayin hoto, ba ta Document ba, domin ta nan fayil ke tafiya yadda yake, har da wurin da aka ɗauke shi in kyamarar na rubuta wuri. Duka wannan bai kai minti uku ba a Tecno ko itel.

Saura abu ɗaya da ba zan ɓoye maka ba, ko da yake yana rage wa maganata ƙarfi. Rufe suna ba ya hana a gane mutum. A 1997 Latanya Sweeney ta gano bayanan asibitin gwamnan Massachusetts na lokacin, William Weld, a cikin bayanan da aka cire wa sunaye, ta hanyar haɗa ranar haihuwa da jinsi da lambar unguwa da rajistar masu zaɓe. Wannan a Amurka ke nan, cikin dubban mutane. A ƙauye mai gida hamsin, in saƙo ya ce direban tanka da ya karye a ƙafa, ba a bukatar suna. Ni da na san garin zan gane ɗan innar nan daga layin farko. Dokar kare bayanai ta Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ma ta ɗauki bayanin mutum a matsayin duk abin da za a iya gane shi da shi, kai tsaye ko a kaikaice, ba suna kawai ba.

Sai dai wannan ya komo da mu inda muka fara. Ni zan gane, kuma ba komai, domin ni ta zaɓa. Wanda ba zai gane ba shi ne yaron shagon caji a wani gari, da abokina na Maraɗi da na tura wa, da wanda ya tsinci wayata a motar kasuwa ko ya ƙwace ta a hanya. Saboda su ake rufewa. In kuwa maganar ta yi nauyin da ko a rufe za a gane ta, kamar takardar kotu ko batun fansa ko wata cuta da ake jin nauyin faɗa, to wannan ba ta hoto ba ce. A kira ni a karanto mini baƙi-baƙi, ko a jira ranar kasuwa a kawo mini wayar in karanta a hannun mai ita in miƙa masa abarsa.

Tun ranar da na ga abin da ke cikin wayata, duk wanda ya turo mini hoto a buɗe nakan fassara masa, in goge, in duba kwandon shara na manhajar hotuna in sake gogewa, tunda yawancinsu kan riƙe abin da aka goge na wasu makonni. Sannan in gaya masa abin da zai rufe in zai sake turowa. Ka yi hasashen za su ji na ƙi amanarsu. Dattijon nan mai ragowar kuɗi, da na nuna masa cewa hoton asusunsa ya yi wata da watanni a wayata, bai ce komai ba na ɗan lokaci. Daga nan ya tambaye ni ko akwai wanda na taɓa ba aron wayar. Na ce akwai. Ya ce in nuna wa jikansa yadda ake yi kafin su tafi.